Fatar mai aikin dare: tambayoyi da amsoshi kan dushewar fuska da sake tsara shafe-shafe

Duk wanda ya yi wata guda yana kwana a wurin aiki ya san fuskar nan da yake gani a madubin banɗaki da misalin ƙarfe huɗu na asuba: kumatu sun yi furu-furu, goshi da hanci suna ƙyallin maiƙo, ƙasan ido ya yi duhu, leɓe ya bushe. Ma'aikatan jinya, masu gadi, direbobi, ma'aikatan masana'antu da masu amsa kiran waya cikin dare duk suna kawo kuka iri ɗaya. Yawancin shawarwarin kula da fata an tsara su ne don wanda yake tashi da safe ya kwanta da daddare, shi ya sa suke rikita mai aikin dare. Abin da nake so in kafa a nan guda ne: mai aikin dare ya daina bin agogon bango wajen shafa mai, ya bi abu biyu, lokacin barcinsa da lokacin da rana za ta taɓa fuskarsa.

Ina rama barcina da rana, to me ya sa fuskata take dushewa tun da na fara aikin dare?

Saboda barcin rana ba ya biyan bashin na dare gaba ɗaya, ta fuska biyu. Ta farko ita ce tsawo. Babban mutum yana buƙatar aƙalla awa 7, amma wanda ya kwanta ƙarfe tara na safe sau da yawa awa biyar ko shida yake samu, domin jikinsa yana tashinsa da kansa kafin barcin ya ƙoshi, ga haske, ga hayaniya. Ta biyu kuma ita ce lokaci. Jiki yana da agogonsa na cikin gida wanda yake zagayowa kusan duk awa 24, kuma hasken da yake shiga ido ne yake saita shi. Binciken yadda ƙwayoyin halitta suke tafiyar da wannan agogo shi ne ya sa aka ba Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2017. Ba ƙwaƙwalwa kaɗai ke da agogon ba, har ƙwayoyin fata suna da nasu.

Ga yadda abin yake a fata. Da rana tana cikin shirin kare kanta, kuma maiƙon da take fitarwa yana kai ƙololuwa wajen tsakar rana. Da yamma zuwa dare jini yana ƙara gudana a cikinta, tana ƙara ɗumi, sababbin ƙwayoyi suna ƙara rarrabuwa, sannan ruwan da yake tsirarewa ta samanta ya fi yawa. Wato a daidai lokacin da fata ta fi asarar ruwa, kai kana zaune awa goma ko sha biyu cikin busasshiyar iskar na'urar sanyaya ɗaki, ko cikin ƙura da iskar waje. Lokacin da ka samu ka kwanta kuma, sinadarin kotisol mai farkar da jiki yana sama, melatonin mai kiran barci ya sauka.

Dushewar da kake gani mafi yawanta daga saman fata take. Idan matattun ƙwayoyin da ke sama suna da danshi, sukan kwanta lif, haske ya daki fuska ya dawo a tare, sai a ce fuska tana sheƙi. Idan sun bushe sai gefunansu su ɗaɗɗaga, haske ya warwatse, fuska ta yi toka-toka. A fata mai duhu wannan ya fi fitowa fili. Gwada ja da bayan farce a hankali a kan kuncinka: idan ya bar farin layi, bushewa ce take damunka, ba wai launinka ne ya canja ba. Wannan labari ne mai daɗi, domin bushewa tana gyaruwa da wuri.

An ce wasu mayuka na safe ne, wasu na dare. Ni da nake kwanciya da safe, wanne zan shafa yaushe?

A nan ne mutane suka fi ruɗewa, kuma amsar ba ta da wuya idan aka gane dalilin rabon. Ana cewa mai na dare ne saboda ɗaya daga cikin dalilai uku: ko haske yana lalata sinadarin da ke ciki, ko yana sa fata ta ƙara jin zafin rana, ko kuma yana da kauri da maiƙon da ba za a so fita da shi ba. Babu ɗaya daga cikin ukun da ya dogara da ƙarfe nawa ne. Abin da suke buƙata shi ne awoyi masu yawa a jere ba rana, ba gumi, ba taɓe-taɓen fuska. A wurinki wannan lokaci shi ne barcinki mafi tsawo, ko da ƙarfe tara na safe ya fara, muddin ɗakin yana da duhu.

Don haka ki raba kayanki gida biyu da sababbin sunaye: na kafin barci da na bayan tashi. Na kafin barci shi ne wanke fuska da kyau, sai maganin da kike amfani da shi idan akwai, sai mai mai ɗan kauri. Na bayan tashi shi ne ɗauraye fuska da mai marar nauyi. Man kariyar rana kuwa ba ya cikin ko ɗaya. Shi rana yake bi: duk lokacin da za ki fita da hasken rana sai ki shafa, ko kin tashi daga barci ne ko za ki je ki kwanta.

Akwai masu cewa tunda fata da daddare take gyaran kanta, a shafa magungunan da daddare ko da ana wurin aiki. Ban yarda da wannan ba. Retinol, wato maganin shafawa ɗan dangin bitamin A da ake amfani da shi don ƙuraje da tabo, a ƙarƙashin takunkumin fuska, cikin gumi da gogayya na awa sha biyu, sannan a fito cikin hantsi, hanya ce ta jawo wa kai raɗaɗi da saɓar fata.

A ba ni misali na gaske, daga tashi zuwa kwanciya.

Mu ɗauki ma'aikaciyar jinya mai shiga aiki ƙarfe 8 na dare ta tashi 8 na safe, dare uku a jere, Litinin da Talata da Laraba, sannan ta huta kwana huɗu. Tafiyarta zuwa gida minti 40 ce. Kukanta shi ne kumatu suna ɗaurewa suna yin fari, hanci yana maiƙo, kuma ƙananan ƙuraje suna fitowa a haɓa inda takunkumi yake kwanciya, su warke su bar baƙin tabo.

Takan tashi ƙarfe 4 na yamma. A nan ba ta buƙatar sabulu mai ƙarfi, domin ba inda ta je tun da ta wanke fuska da safe. Ruwa mai ɗumi-ɗumi kawai, ko ɗan man wanke fuska marar kumfa sosai idan ta tashi da maiƙo. Ba za ta goge fuskar ta bushe ƙarau ba. Za ta dafa tawul sau biyu ko uku, tana da sauran danshi ta shafa mai mai gilisarin ko seramaid. Gilisarin yana riƙe ruwa a saman fata, seramaid kuma irin kitsen nan ne da yake cike tsakanin ƙwayoyin fata kamar yadda siminti yake riƙe bulo. Idan tana da man niyasinamaid na kashi 4 ko 5 cikin ɗari, nan ne wurinsa, kafin man shafawa, saboda yana taimakawa wajen tabo da maiƙo kuma ba ya faɗa da komai. Idan za ta fita kafin rana ta faɗi, ta ɗora man kariyar rana. Idan sai bayan faɗuwar rana za ta fita, ba ta buƙatarsa, kada ta ɓata shi a banza.

A jakarta abu uku sun isa: ƙaramin man shafawa, man leɓe, da man kariyar rana. Da misalin ƙarfe 2 ko 3 na dare, lokacin da ta samu hutu, ta wanke hannu, ta cire takunkumi, ta ɗan jiƙa kumatu da ruwa, ta shafa mai kamar ƙwayar wake a inda ya ɗaure kawai, ban da hanci da haɓa. Idan takunkumin ya jiƙe da numfashi ta sauya sabo. Wannan sauyin yakan taimaka wajen rage ƙurajen haɓa.

Ƙarfe 8 saura kwata, kafin ta bar wurin aiki, sai mataki mafi muhimmanci wanda kusan kowa yake tsallakewa: ta ɗauraye fuska da ruwa ko ta dafe maiƙon da tishu, ta shafa man kariyar rana a fuska da wuya da kunne. Minti 40 cikin hantsi sau uku a mako ya isa ya hana tabon haɓarta gogewa.

Ta isa gida wajen ƙarfe 9 saura. Kafin ta zauna, kafin ta taɓa waya, ta wuce ta wanke fuska. Na ce kafin ta zauna ne da gangan, domin wanda ya kwana a tsaye idan ya ce bari ya ɗan kishingiɗa, barci ya sace shi ke nan da maiƙon awa sha biyu da man rana a fuskarsa. Wankin nan shi ne babba a yininta: man wanke fuska mai laushi, a murza da yatsu kamar minti ɗaya, a kula da gefen hanci da layin gashi, a ɗauraye. Sai mai mai kauri, sai ɗan basilin a leɓe da duk inda ya yi kaushi. Minti uku ne duka. Ta kwanta 9 da rabi, ta tashi 4, ta samu awa shida da rabi.

Retinol fa? A tsarinta ya fi sauƙi ta ajiye shi sai daren Juma'a da na Lahadi, lokacin da take barci kamar kowa. Sau biyu a mako ya isa mai farawa, kuma ba ta da ruɗanin lissafi.

Dutina yana juyawa, wannan mako dare, wancan mako safe. Yaya zan yi ranar sauyi?

Mai juyi ya fi mai daren dindindin wahala, gaskiya ce. Ƙa'idar ita ce kada ka ninka. A ranar da ka gama daren ƙarshe za ka iya yin barci biyu cikin awa 24: gajere da safe, dogo da daddare. Wanke fuska da man shafawa ana yinsu kafin kowanne, amma magani mai ƙarfi, retinol ko asid mai cire matattun ƙwayoyin fata, sau ɗaya kawai, kafin dogon barcin. Mutane da yawa da suke cewa retinol ya ƙona su, idan aka bi diddigi sai a tarar sun shafa da safe bayan aiki, sun sake shafawa da daddare, tsakani awa goma sha biyu kacal.

Barcin safiyar nan ta ƙarshe kada ya wuce awa uku ko huɗu. Ka tashi wajen ƙarfe ɗaya, ka fita ka ga haske, ka jure har dare. Idan ka yi barci har yamma, daren zai zame maka ido biyu, kwanakin hutun su ƙare ba ka dawo daidai ba. Ranar shiga daren farko kuma, barcin awa ɗaya da rabi da la'asar yana rage wahalar asuba.

Ai ni ba na ganin rana. Har yanzu ina buƙatar man kariyar rana?

Ka lissafa tukuna. Hanyar komawa gida da safe, fitar da kake yi da la'asar bayan ka tashi, da kwanakin hutu gaba ɗaya. Idan a mota kake, gilashin gefe yana tare mafi yawan UVB, wato ɓoyayyen hasken rana mai ƙuna, amma ɗan'uwansa UVA yana ratsa shi, kuma shi ne yake da hannu sosai a duhun tabo da tsufan fata.

Nemi man da aka rubuta wa SPF 30 ko sama, wato lambar ƙarfin kariyarsa, mai kare nau'in hasken biyu. Yawan da ake shafawa ya fi lambar muhimmanci: a matsa layi biyu a tsawon yatsa manuniya da na tsakiya, wannan shi ne na fuska da wuya. Wanda ya shafa ɗigo bai samu kariyar da ke jikin kwalbar ba. Ga masu duhun fata da tabo yake daɗewa a fuskarsu akwai ƙarin bayani: hasken rana da ido ke gani, ba UV kaɗai ba, shi ma yana ƙara duhun tabo, kuma man kariya mai ɗan launi irin na hoda, wanda ke ɗauke da sinadarin tsatsar ƙarfe, ya fi tare shi. Ga shi kuma ba ya barin farin nan mai kama da alli.

Hasken kwamfuta da fitilun wurin aiki suna ɓata fata?

Shuɗin hasken da allo yake fitarwa ƙanƙani ne ƙwarai idan aka gwada shi da na rana, bai kai a sayi wani mai na musamman dominsa ba. Illarsa ta ido take bi: waya a hannu bayan an kwanta tana jinkirta barcin da dama bai isa ba.

Idan na ga fuskata ta dushe nakan dirje ta sosai ta yi haske. Akwai laifi?

Akwai, kuma wannan ne kuskuren da ya fi ba ni tausayi, domin mai yinsa gyara yake nema. Dirza tana kankare busassun ƙwayoyin sama, fuska ta yi santsi na yini ɗaya. Amma tare da su take kwashe kitsen da yake riƙe ruwa, ga fatar dama tana asarar ruwa saboda rashin barci da busasshiyar iska. Bayan kwana biyu sai ta fi da dushewa, a sake dirzawa, a haka a haka. Garin neman gira a rasa ido.

Ana gane an wuce gona da iri ta alamu bayyanannu. Man da ka saba shafawa lafiya lau ya fara yi maka zafi kamar an sa barkono. Fuska tana ɗaurewa minti kaɗan bayan wanki, har idan ka yi murmushi ka ji tana ja. Goshi yana wani ƙyalli kamar leda alhali ba maiƙo. Gefen hanci da baki suna saɓa. A fata mai duhu ba lallai a ga ja ba, sai dai wurin ya yi duhu-duhu ko toka, shi ya sa ake daɗewa ba a gane ba.

Idan ka ga haka, ka ajiye komai na tsawon mako biyu: soso, garin dirza, asid, retinol, sabulu mai ƙamshi, ruwan zafi. Ka tsaya a kan abu uku, wanki mai laushi sau ɗaya ko biyu a yini, man shafawa marar turare, da man kariyar rana. Idan raɗaɗin ya tafi, ka dawo da abu ɗaya, ka ba shi mako biyu kafin ka ƙara wani. Wanda yake son abin da zai rage matattun ƙwayoyi, asid ɗin laktik mai sauƙi sau ɗaya a mako ya ishi busasshiyar fata, mai maiƙo da toshewar ƙofofin gashi kuma asid ɗin salisilik na kashi 2 cikin ɗari. Kada a haɗa su da retinol a kwanciya ɗaya.

Ina so in fara retinol. Zan iya shafawa da safe kafin in kwanta?

Za ki iya, da sharaɗin ɗakin yana da duhu kuma ba za ki sake fita ba kafin ki yi barci. Retinol da ɗan'uwansa tiretinoyin haske yana rage musu ƙarfi. Adafalin na kashi 0.1 cikin ɗari, shi ma ɗan dangin nan, ya fi su jure haske, kuma shi aka fi bai wa masu ƙuraje. Ki bari fuska ta bushe sarai bayan wanki, ki ɗauki kamar ƙwayar wake guda don fuska duka, ki kauce wa fatar ido da gefen hanci da kusurwar baki, ki bi da man shafawa. Idan fatarki mai saurin fushi ce, ki fara shafa man kafin retinol ɗin. Kada ki rufe shi da basilin, yana ƙara masa zafi. Sau biyu a mako na wata guda, sannan ki ƙara idan ba saɓa. Ana ganin amfaninsa ne bayan mako 8 zuwa 12, ba kafin nan ba. Idan kin tashi da la'asar ki ɗauraye, ki shafa man rana idan za ki fita.

Mai ciki ko mai neman ɗaukar ciki ta bar duk dangin retinol. Asid ɗin azelayik shi ne abin da likitoci suka saba ba ta a madadinsa don ƙuraje da tabo, amma ta tambayi mai duba ta.

Shawarata ga wanda bai daɗe da fara aikin dare ba ita ce ya jinkirta retinol har sai wanki da mai da kariyar rana sun zauna masa na wata guda. Sau da yawa daga nan ma buƙatar take raguwa.

Baƙin ƙasan ido da kumburinsa fa?

Ba iri ɗaya ba ne, kuma za ka iya rarrabewa a gaban madubi. Ja fatar ƙasan idon a hankali zuwa gefe. Idan duhun ya koma shuɗi-shuɗi, jijiyoyin jini ne ake hangowa ta siririyar fata, kuma shi ne wanda rashin barci yake ƙarawa. Idan launin ya tsaya yadda yake, ruwan ƙasa ko baƙi, launin fatar ne da kanta, wanda ake gado ko murzar ido take jawowa. Idan kuma ka ɗaga fuska sama wajen fitila duhun ya ɓace, inuwa ce ta ramin ƙasan ido, babu man da zai cike shi.

Na farko yana sauƙi da barci, da tsumma mai sanyi na minti biyar bayan tashi, da ɗaga kai da ƙarin matashi idan kana tashi da kumburi. Na biyu yana buƙatar kariyar rana da daina murza ido, abin da mai jin barci ƙarfe uku na dare yake yi ba tare da ya sani ba. Man shafawarka na fuska, idan ba shi da turare, ya isa wurin.

Wani abokin aiki ya ba ni mai ya ce cikin mako guda zan yi haske. In shafa?

Kada ki shafa. Man da yake sauya launi cikin mako guda kusan ko yaushe yana ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi irin kulobetasol, ko haidirokwinon mai yawa, wani lokaci har da sinadarin makyuri mai cutar da ƙoda. Sitiroyid yana sirantar da fata, ya fito da jijiyoyi da ƙuraje da nankarwa, idan aka daina kuma fuska ta yi zafi ta yi duhu fiye da da. Matsalarki bushewa ce da gajiya, man bilicin kuwa ba ya taɓa ko ɗaya daga cikinsu. Idan kin riga kin daɗe kina shafa irinsa, ki je wurin likitan fata ya tsara miki yadda za ki janye a hankali.

Me zan gyara a barcin kansa, tunda shi ne tushen abin?

Duhu ne farko. Labule mai kauri wanda idan ka ɗaga hannunka a ɗakin da kyar za ka gan shi, ko abin rufe ido mai laushi da ake wankewa a kai a kai. Sai sanyin ɗaki daidai gwargwado da abin toshe kunne. Sai kuma mutanen gida su san cewa ƙarfe sha biyun ranarka daidai yake da ƙarfe biyun darensu. Wannan magana tana buƙatar a zauna a yi ta sosai, ba a faɗe ta a tsaye ba.

Kofi da shayi da lemukan ƙarin kuzari suna ɗauke da kafeyin, kuma jiki yana ɗaukar kimanin awa biyar kafin ya rage rabinsa. Kofin da aka sha ƙarfe biyar na asuba rabinsa yana nan a jini ƙarfe goma na safe, daidai lokacin da ake neman barci mai nauyi. Barci mai nauyin nan kuwa a cikinsa ne jiki yake sakin mafi yawan sinadarin girma mai taimaka wa gyaran tsoka da fata, kuma shi barcin yake bi ko da rana aka yi shi. Don haka a sha a rabin farko na dutin, a tsaya awa shida kafin kwanciya. Ruwa kuma a riƙa sha cikin dare, a rage dab da tashi don kada fitsari ya katse barcin. Shan ruwa fiye da ƙima ba ya maye gurbin man shafawa.

Tabarau mai duhu a hanyar gida yana rage hasken da yake gaya wa ƙwaƙwalwa gari ya waye. Amma idan kai ne kake tuƙi kuma kana gyangyaɗi, ka bar shi, ka tsaya ka yi barcin minti ashirin kafin ka kama hanya. Rigar matashi kuma a sauya ta sau ɗaya ko biyu a mako, domin barcin rana ya fi sa gumi.

Zuwa yaushe zan ga canji, kuma yaushe ya kamata in ga likita?

Ɗaurewa da furu-furu sukan ragu cikin mako ɗaya zuwa biyu. Santsin fata gaba ɗaya yana ɗaukar kimanin wata guda, domin kusan tsawon lokacin ke nan da saman fata yake ɗauka kafin ya sabunta. Ƙuraje wata biyu zuwa uku, tabo kuma ya fi haka, wani lokaci wata shida ko fiye. Don ka auna da adalci, ka ɗauki hoto sau ɗaya a mako a wuri ɗaya, kusa da taga, awa ɗaya bayan ka tashi daga barci. Madubin wurin aiki da asuba, ƙarƙashin farar fitilar da ke saman kai, ba ya nuna gaskiyar fatar kowa.

Ba kowace dushewa ce ta aikin dare ba. Ja fatar ƙasan idonka ka dubi cikinta: idan ta yi fari maimakon ja, ga haki idan ka hau bene, ga jiri ko bugun zuciya, a auna jininka, musamman mace mai zubar da jini da yawa lokacin al'ada. Bushewar fata a jiki duka tare da jin sanyi, zubar gashi da ƙaruwar nauyi ba dalili na iya zama matsalar ƙwayar maƙogwaro ta tayiroyid. Ƙishirwa da yawan fitsari da ciwon da ba ya warkewa da wuri suna sa a duba sukari. Farin ido ya koma rawaya kuwa ba abin jira ba ne ko na kwana ɗaya. Wanda yake kwana a aiki ya yini a ɗaki mai duhu zai iya rasa bitamin D, kuma gwajin jini ne yake tabbatar da hakan. Maganinsa ƙwaya ce bisa umarnin likita, ba barin man kariyar rana ba. Haka nan idan ƙurajen manya ne masu zafi da suke barin rami, ko ƙaiƙayi yana hana ka barci, ko ka yi wata uku kana kwanciya barci ba ya zuwa, kana gyangyaɗi a bakin aiki, ka je asibiti, ka kuma faɗa wa likitan jadawalin aikinka dalla-dalla, da ƙarfe nawa kake kwanciya da ƙarfe nawa kake tashi, ka tafi da duk mayukan da kake shafawa a jaka ya gani da idonsa.